Idan An Yanke Bidiyo, Yaya Za a Yi da Rubutun Ƙasan Allo?

Duk mai kallon finafinan Hausa a YouTube ya taɓa cin karo da wannan: uwa tana zazzaga faɗa a tsakar gida, amma rubutun Turancin da ke ƙasan allo yana nuna gaisuwar da aka gama tun minti guda da ya wuce. Mai jin Hausa zai yi dariya ya ci gaba da kallonsa. Wanda ya dogara da rubutun kuwa, Bayarabe ne a Ibadan ko kurma a Zinder, fim ya lalace masa ke nan. Yawanci mai fassara bai yi laifin komai ba. Ya gama aikinsa daidai a kan cikakken fim, daga baya edita ya zo ya datse farkon, ya cire waƙa a tsakiya, ya manna tambarin tasharsa a gaba, aka ɗora tsohon fayil ɗin sabtaitil a kan sabon bidiyo ba tare da an taɓa shi ba.

Gyaran bai kai a sake fassara ko a sake zama ana saita layi ɗaya bayan ɗaya ba. Lissafi ne na ɗebewa da tarawa, wanda ɗan aji shida zai iya, muddin an ba shi lambobin gaskiya. Wahalar duk tana wajen samo lambobin.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Mafi yawan sabtaitil da ke yawo a hannun mutane suna cikin fayil mai ƙarshen suna `.srt`. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da Notepad a kwamfuta ko kowace manhajar rubutu a waya. Ga yadda layi guda yake:

```
48
00:05:20,000 --> 00:05:23,500
Ina kwana, Baba? An tashi lafiya?
```

Lambar farko lambar layi ce. Sai lokacin da rubutun zai fito da lokacin da zai ɓace: awa, minti, sakan, sannan bayan waƙafi milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sai maganar kanta, sai a bar layi guda babu komai kafin na gaba. Shi ke nan. Babu sunan fim a ciki, babu hoto, babu wata alama da ke ɗaure wannan gaisuwa da bakin yarinyar da ta faɗe ta. Manhajar kallo agogo kawai take bi: idan bidiyo ya kai minti 5 da sakan 20 da farawa, ta fito da layi na 48, ko mene ne ke kan allo a lokacin.

Daga nan ƙa'idar aikin gaba ɗaya ta fito. Sabon lokacin kowane layi shi ne tsohon lokacinsa, a ɗebe duk abin da aka cire daga bidiyo kafin a iso gare shi, a ƙara duk abin da aka cusa kafin a iso gare shi. Abin da aka yanke bayansa bai shafe shi ba. Kamar layin mai ne a gidan mai: idan mota biyar suka fita daga tsakiya, na bayansu ne za su matso gaba, waɗanda ke gabansu suna nan inda suke. Wannan ne ya sa turawa guda ɗaya ga dukan fayil take wadatarwa idan farkon bidiyo kaɗai aka datse, amma ba ta isa idan an taɓa tsakiya.

Kashi ɗaya na wani shiri

Mu ɗauki misali. Kashi ne na shiri mai dogon zango, tsawonsa minti 42 da sakan 30, an ɗauke shi a kan firem 25 a sakan, kamar yadda aka saba a talabijin ɗin Nijeriya. An riga an yi masa sabtaitil. Yanzu za a sake sakin sa, edita ya yi abu huɗu. Ya cire sunayen farko, daga sifili zuwa 00:01:12:10. Ya cire waƙar tsakiya, daga 00:18:05:00 zuwa 00:20:35:20. Ya datse ƙarshe daga 00:40:50:00. Sannan ya saka tambari mai sakan 6 a gaba.

A nan tarko na farko yake, kuma ya kama ƙwararru da yawa. Lambobin da edita ya bayar na manhajar tace fim ne, kuma lambar ƙarshe a cikinsu ƙidayar firem ce. Wancan 10 ɗin da ke ƙarshen 00:01:12:10 yana nufin firem goma. A firem 25, kowane firem milisakan 40 ne, don haka firem goma milisakan 400 ne, kuma a harshen fayil ɗin sabtaitil wurin shi ne 00:01:12,400. Haka 00:20:35:20 ya zama 00:20:35,800. Wanda bai lura ba ya rubuta ,100 da ,200 zai ga rabin farko ya makara da milisakan 300, abin da ido zai iya yafewa, amma bayan waƙa kurakuran biyu sun haɗu sun zama milisakan 900, kusan sakan guda. A fim ɗin barkwanci sakan guda ya isa ya kashe dariya. Idan kuwa da waya aka ɗauki bidiyon, galibi firem 30 ne a sakan, kowane firem kusan milisakan 33 da ɗigo uku, sai firem goma su zama 333. Saboda haka tambayar farko ga edita ita ce: a firem nawa ka yi aikin?

Shawarata ita ce a mayar da komai sakan kafin a fara ɗebewa, don lissafin minti da sakan yana da aron sittin, kuma nan ne hannu ke zamewa. Abin da ya rage na shirin yanki biyu ne. Na farko daga sakan 72.4 zuwa 1085, tsawonsa 1012.6. Na biyu daga 1235.8 zuwa 2450, tsawonsa 1214.2. A tara su a ƙara sakan 6 na tambari, an sami 2232.8, wato minti 37 da sakan 12.8.

Kada a taɓa sabtaitil sai an duba wannan lamba. A buɗe sabon bidiyon a ga tsawonsa. Idan ya nuna 37:12 ko 37:13, lissafin yankan da edita ya bayar cikakke ne. Idan ya nuna 36:58, akwai wani sakan goma sha huɗu ko sha biyar da aka cire a wani wuri aka manta ba a faɗa ba, wataƙila wani dogon shiru ne ko tafiyar mota da ya ga ta yi yawa. Editoci suna irin wannan tsinke ba tare da sun ɗauke shi a matsayin yanka ba. Gara a koma a tambaya tun yanzu da a gano shi bayan an gama.

Idan tsawo ya yi daidai, turawar kowane yanki a bayyane take. Yankin farko an cire masa 72.4 a gaba an ƙara masa 6, don haka zai matso baya da sakan 66.4. Layinmu na 48 da ke 00:05:20,000, wato sakan 320, zai koma 253.6:

```
00:04:13,600 --> 00:04:17,100
```

Yankin na biyu yana ɗauke da wancan 66.4 ɗin, da kuma tsawon waƙar da aka cire, sakan 150.8. Jimilla 217.2, wato minti 3 da sakan 37.2. Layin da ke 00:25:10,250 zai koma 00:21:33,050. Akwai kuma hanyar gwada kai mai sauƙi: ƙarshen yanki na farko da farkon na biyu dole su faɗa a wuri guda, tunda nan aka haɗe su. A ɗebe 66.4 daga 1085, an sami 1018.6. A ɗebe 217.2 daga 1235.8, an sake samun 1018.6. Mahaɗar tana 00:16:58,600 a sabon bidiyo. A rubuta wannan wurin a takarda, za a dawo gare shi.

Daga ƙarshe ake farawa

Ba wanda zai yi wannan ɗebewar da hannu ga layi ɗari shida. Akwai manhajoji kyauta da aka yi domin haka, fitattu a cikinsu Subtitle Edit da Aegisub. A Subtitle Edit ana shiga `Synchronization`, a zaɓi `Adjust all times`, a rubuta adadin lokaci, a danna `Show earlier` don matso da rubutu baya ko `Show later` don tura shi gaba. A Aegisub ana shiga `Timing`, sai `Shift Times`. Abin da ya fi muhimmanci a duka biyun shi ne zaɓin layukan da turawar za ta shafa: duka, ko waɗanda aka zaɓa kawai, ko daga wanda aka zaɓa zuwa ƙarshe. Wannan na ukun, da Aegisub ke kira `Selection onward`, shi ne maganin yankan tsakiya.

Kafin komai a kwafi fayil ɗin asali a ajiye gefe da wani suna. Sannan a fara daga ƙarshen shiri a dawo farko. Dalilin yana da ƙarfi. Lambobin da edita ya bayar duk na tsohon agogo ne. Da zarar ka fara da matso da dukan fayil baya da sakan 66.4, waƙar ta bar 00:18:05, ta koma wani wuri, kuma idan ka je ka goge layukan da ke tsakanin 18:05 da 20:35 za ka goge rabin waƙa da fiye da minti guda na maganar da ake buƙata. Amma idan ka faro daga baya, duk abin da ka taɓa yana bayan wurin da za ka je na gaba, don haka tsofaffin lambobin suna nan da ingancinsu har ka gama.

A misalinmu aikin zai tafi haka. A goge duk layin da ya fara daga 00:40:50,000 zuwa ƙarshe. Wannan ba ya buƙatar turawa, tunda babu komai a bayansa. A gangaro kan waƙa, a goge layukan da ke tsakanin 00:18:05,000 da 00:20:35,800, a zaɓi layin farko da ke bayanta, a matso da shi da duk na bayansa baya da 00:02:30,800. Sai a hau sama a goge duk abin da ya ƙare kafin 00:01:12,400. A ƙarshe a matso da dukan fayil baya da 00:01:06,400. Yankin na biyu ya sami turawa biyu ke nan, kuma jimillarsu ita ce 217.2 ɗin da muka lissafa. A goge kafin a tura, musamman a farkon fayil: layin da ke sakan 30 idan aka ɗebe masa 66.4 zai faɗa ƙasa da sifili, kuma fayil ɗin `.srt` ba shi da wurin lokaci irin wannan. Wata manhajar za ta tara irin waɗannan layuka duka a kan 00:00:00,000, wata za ta rubuta abin da manhajar kallo ba za ta iya karantawa ba.

Bayan gogewa lambobin layi za su yi giɓi, a tashi daga 260 a faɗa 295. Yawancin manhajojin kallo ba su damu ba, amma wasu wuraren da ake ɗora bidiyo suna da tsanani, kuma sake lambar dannawa ɗaya ce: `Renumber` a ƙarƙashin `Tools` a Subtitle Edit.

Layin da wuƙa ta bi ta tsakiyarsa

Duk abin da ya gabata na'ura na iya yi. Inda ake buƙatar ido da kunnen mutum shi ne bakin kowane yanka, domin da wuya almakashin edita ya faɗa daidai tsakanin layi biyu. Sabtaitil yakan daɗe a allo bayan mai magana ya rufe baki, don a ba mai karatu dama, shi kuwa edita hoto yake kallo.

A misalinmu, a ce akwai layi da ya fara 00:18:03,200 ya ƙare 00:18:07,000. Ya fara kafin waƙa, don haka ba ya cikin waɗanda aka goge, amma wutsiyarsa ta shiga cikin abin da aka cire da sakan biyu. Idan aka bar shi haka, a sabon bidiyo zai tsaya har 00:17:00,600, alhali mahaɗa tana 00:16:58,600. Layin farko na bayan waƙa kuma, wanda a da yake 00:20:36,000, yanzu ya sauka a 00:16:58,800. Layi biyu za su hau kan juna na sakan 1.8. Wata manhajar za ta jera su sama da ƙasa, wata za ta ɓoye ɗaya, kuma ko ta yaya mai kallo zai ga maganar ɗakin Hajiya tana bin mu har cikin kasuwa. Gyaran shi ne a datse ƙarshen layin ya tsaya a mahaɗa, ko ma firem biyu kafin ta, milisakan 80, don ido ya ga an sauya rubutu.

Sai dai yanzu layin da aka tsara masa sakan 3.8 ya koma 1.8 ko ƙasa da haka, kuma kalmominsa suna nan yadda suke. A nan sai a saurara. Idan edita ya yanke rabin maganar ne, a cire rabin rubutun da ba a ji. Idan an faɗi maganar duka amma lokacin karatu ya yi kaɗan, a taƙaita jimlar, ko a ɗan faro ta da wuri idan akwai fili a gabanta. Ƙa'idar Netflix ga masu yi mata sabtaitil ta ce kada layi ya gaza kashi biyar cikin shida na sakan, kada kuma ya wuce sakan bakwai. Ma'auni ne mai kyau ko ga wanda ba ya da hulɗa da su. Idan abin da ya rage na layi rabin sakan ne, walƙiya kawai zai yi a allo. A goge shi, ko a haɗe maganarsa da layin da ke gabansa.

Haka abin yake a bakin farko, sai dai a juye. Layin da ya fara 00:01:11,000 ya ƙare 00:01:14,500 kansa ne ya shiga cikin abin da aka cire. Lissafi zai kai shi sakan 4.6, wato zai fito a kan tambarin tasha kafin a ga fuskar kowa. A mayar da farkonsa 00:00:06,000, ƙarshensa ya zauna a 00:00:08,100. Shiri mai yanka uku yana da baki huɗu da za a duba: ƙarshen sunayen farko, gefe biyu na waƙa, da wurin datse ƙarshe. Minti biyar sun isa, kuma a ganina nan ne ake bambanta aikin mai kula da na mai gaggawa.

Ga masu ffmpeg, idan yanki guda ake so a ciro daga tsakiyar doguwar lacca ko hira, umarni ɗaya yana gogewa, ya tura, ya sake lamba:

```
ffmpeg -i tsoho.srt -ss 00:01:12.400 -to 00:18:05 sabo.srt
```

A lura cewa ffmpeg ɗigo yake so a gaban milisakan, ba waƙafi ba. Kuma ko da shi aka yi, layin farko da na ƙarshe sai an buɗe an duba su da ido, saboda ba ya jin magana.

Idan lissafi ya yi daidai amma rubutu bai zauna ba

Akwai lokacin da aka bi komai yadda ya kamata, amma rubutu ya riga magana da sakan biyu ko huɗu tun daga farko. Sau da yawa sanadin yana wajen yadda aka yanke bidiyon. Bidiyon da aka matse, irin MP4 ɗin da kowa ke amfani da shi, ba ya ajiye kowane firem a matsayin cikakken hoto. Yana ajiye cikakken hoto ne jefi-jefi, sauran firem ɗin da ke tsakani bayanin abin da ya canza ne kawai. Tazarar da ke tsakanin cikakkun hotunan nan tana iya kaiwa firem 250 a tsarin da x264 ke zuwa da shi, wato sakan goma a firem 25. Wanda ya yanke bidiyo ta hanyar sauri, wadda ba ta sake matse shi, kamar `-c copy` a ffmpeg ko manhajar LosslessCut, ba zai iya farawa daga tsakiyar wannan tazara ba. Yanka yakan koma kan cikakken hoton da ke kafin wurin da aka nema. Ka ce a fara daga sakan 72.4, bidiyo ya fara daga 69. Abin da aka cire a zahiri 69 ne, kai kuma ka ɗebe 72.4, sai rubutu ya riga baki da sakan 3.4. Manhajojin waya ma suna da nasu: wasu idan aka saka narkewar hoto a mahaɗa sukan ɗora ƙarshen yanki ɗaya a kan farkon ɗayan, bidiyo ya rage rabin sakan ko sakan guda a kowace mahaɗa.

Maganin duka biyun ɗaya ne: a daina dogara da lambar da aka rubuta, a auna da kunne. A nemi kalma mai kaifin farawa, irin "Kai!" ko "Tsaya!", a ga daidai lokacin da ta fito a sabon bidiyo, a kwatanta da lokacin layinta. Subtitle Edit da Aegisub duka suna zana igiyar sauti, ana ganin tudun da kalma ta fara da ido. Wanda VLC kawai yake da shi zai iya aunawa da maɓallan G da H, kowace dannawa tana motsa rubutu da milisakan 50, kuma allo yana nuna jimillar. Amma wannan awo ne kawai. VLC ba ya rubuta gyaran a cikin fayil. Ka tura wa wani zai gan shi a karkace yadda yake. Lambar da ka samu ita za ka kai manhajar gyara.

A auna a wuri uku aƙalla: farko, bayan kowace mahaɗa, da dab da ƙarshe. Yadda kuskuren yake tafiya shi ke faɗin sunan ciwon. Idan tazarar ɗaya ce a ko'ina, sakan uku a farko, sakan uku a ƙarshe, turawa guda ga dukan fayil ta gama magana. Idan ma tazarar awa guda ce cif, a duba ko daga DaVinci Resolve fayil ɗin ya fito, don agogon aikinsa yakan fara ne daga 01:00:00:00. Idan kuwa komai daidai yake har minti na ashirin da biyar sannan kwatsam ya kauce da sakan goma sha huɗu ya zauna a haka, akwai yankan da ba a faɗa ba. Ana gano wurinsa da raba tazara biyu: a duba tsakiyar wurin da yake daidai da wurin da ya kauce, a sake rabawa, cikin gwaji biyar ko shida an iso kansa. Sai a tura daga wannan layin zuwa ƙarshe.

Na ukun ya fi wuya. Farko daidai, minti goma ya ɗan makara, minti talatin ya makara sosai, tazarar tana girma a hankali ba tare da tsalle ba. Wannan ba aikin yanka ba ne, saurin bidiyon ne ya canza. Sanannen misali shi ne fim ɗin da aka ɗauka a firem 23.976 aka gaggauta shi zuwa 25 don talabijin. Komai yana gudu da ƙarin kusan kashi huɗu cikin ɗari, kuma abin da ke minti na 30 a tsohon kwafi yana zuwa ne kusan minti ɗaya da sakan 14 da wuri a sabon. Ɗebewa ba ta gyara wannan. Idan ka daidaita ƙarshe farko zai kauce. Ninkawa ake yi, kowane lokaci a ninka shi da 23.976 a raba da 25, abin da `Change frame rate` ke yi a Subtitle Edit. Idan ba a san ainihin saurin ba, `Point sync` yana ba da damar a ɗaure layi ɗaya a farko da ɗaya a ƙarshe, manhaja ta shimfiɗa sauran a tsakani. Abin lura biyu ne a nan. Ba kowane sauyin firem ke taɓa tsawon bidiyo ba: wanda aka mayar daga 30 zuwa 25 ta hanyar zubar da wasu firem tsawonsa yana nan, sabtaitil ɗinsa ba ya son gyara, kuma wanda ya ninka shi don kawai ya ga lambobi sun bambanta shi ne zai jawo ɓarnar da hannunsa. Sannan ɗaurin maki biyu yana aiki ne kawai idan babu yanka a tsakaninsu. Idan aka ɗaure farko da ƙarshen shirin da aka cire wa waƙa, manhaja za ta raba sakan 150.8 ɗin nan a kan dukan layuka, farko da ƙarshe su yi kyau, tsakiya gaba ɗaya ta lalace. Idan an haɗa yanka da sauyin sauri, a fara gyara yanka da tsohon agogo, sannan a ninka.

Ajiyewa

Mai sabtaitil na Hausa yana da ƙarin abin tsoro guda lokacin ajiye fayil. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin da Windows ke kira ANSI. Idan aka ajiye da shi, kowannensu zai koma alamar tambaya, kuma da zarar an rufe fayil babu hanyar dawo da su sai a bi kalma-kalma. A zaɓi UTF-8 a wurin ajiyewa. Kada kuma a gyara `.srt` a cikin Word, yana iya sauya alamomi ya cusa abin da ba a gani. Idan fayil ɗin `.vtt` ne, lissafin bai canza ba, ɗigo ne kawai a madadin waƙafi. A ba sabon fayil suna ɗaya da sabon bidiyo, `kashi12.mp4` da `kashi12.srt` a jaka guda, manhajar kallo za ta ɗauke shi da kanta, kuma wanda zai zo bayan wata shida ba zai rikita shi da na cikakken shiri ba.

Duk wannan ya shafi rubutun da ke zaman kansa ne a fayil. Wanda aka riga aka ƙone a jikin hoto, kamar yadda ake yi a finafinan Kannywood da yawa, yana tafiya da hoton duk inda aka yanke shi, sai dai layin da aka raba biyu ba ya gyaruwa. Don haka ƙonawa ita ce matakin ƙarshe, bayan an rufe yanka an duba kowace mahaɗa.

Furodusa ko mai tasha da ke raba aiki tsakanin edita da mai fassara, ka sa ya zama sharaɗi: duk lokacin da edita ya taɓa bidiyon da aka riga aka yi wa sabtaitil, ya miƙo takarda mai ɗauke da farko da ƙarshen kowane yanka a tsohon agogo, da tsawon duk abin da ya ƙara, da adadin firem a sakan. Kada ka karɓi sabon bidiyon ba tare da ita ba.